Daga Jamus zuwa Kano: auna katinka kafin ka sayi monita

Ƙanena, ga amsar tambayarka kan monita mai 144Hz, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, ko mai 4K. A shagunan nan Jamus da na Beirut Road monitocin iri ɗaya ne, bambancin yana wajen mayarwa. A nan, abin da ka saya ta intanet doka ta ba ka kwana 14 ka mayar. A gida kuwa, musamman na hannu, sai dai ka gwada tun a shago, domin in ka fita ya zama naka.

Katin girafik ne ke zana hoto, monita nunawa kawai take yi. Allon 1080p yana da ɗigo kusan miliyan 2, na 1440p miliyan 3.7, na 4K miliyan 8.3, wato ninki huɗu na farko. Yawan ɗigo yana cinye yawan hotunan da kati ke fitarwa a daƙiƙa.

Saboda haka fara da awo. Saka manhajar MSI Afterburner, ka buɗe wasan da ka fi yi a 1080p, ka duba fps, wato yawan hotuna a daƙiƙa, da kuma nauyin da ke kan katin. A ce ka ga fps 90, katin yana aiki kashi 98 cikin ɗari. Ya ƙure ke nan. A 1440p zai sauko wajen 55 zuwa 65, a 4K kuwa da ƙyar ya kai 30, wasa ya riƙa sarƙewa. Mai irin wannan kati, 1080p mai 144Hz inci 24 ce daidai da shi, kuma ta kasance mai FreeSync don kada hoto ya riƙa yagewa. Amma in katin yana zaune a kashi 60 ko 70, galibi furosesa ce ke riƙe shi, yana da sauran ƙarfi, kana iya hawa 1440p ba tare da asara mai yawa ba.

Kada ka ce za ka sayi 1440p ka rage wasan zuwa 1080p. Ɗigon ba sa rabuwa daidai, hoton sai ya yi dishi-dishi kamar lokacin hazo. In kuwa aikinka zane ne ko gyaran bidiyo, ɗauki 1440p inci 27, ko da 60Hz ce.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne waya. HDMI 1.4 ba ta wuce 30Hz a 4K, don haka nemi wayar DisplayPort, ka jona ta a jikin katin, ba a ramin da ke sama kusa da na USB ba. Sannan shiga Advanced display a Windows ka zaɓi 144Hz da hannunka, domin sau da yawa tana tsayawa a 60.

Wutar nan 230V ce kamar ta gida. In na aiko maka, filogi kawai za ka canza zuwa mai baki uku, ka haɗa da sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta.