Faɗaɗa falon bene bayan an gama zane: hanyoyi uku da kuɗin kowace

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Alhaji.

Bayan gaisuwa, na saurari saƙonka na neman a faɗaɗa falon gidan Gesse daga mita 4.2 zuwa mita 6. Zai yiwu. Sai dai zanen ya riga ya kammala, shafi 18, injiniya ya buga hatiminsa, saura a buga a kai ofishin KUDA, hukumar raya birane ta Kebbi, ranar Alhamis. Shi ya sa kuɗi da ranar miƙa aiki za su canja, gwargwadon hanyar da ka zaɓa.

A kwamfuta jan bango aikin minti biyu ne, wannan gaskiya ne. Matsalar ita ce bangon da kake so a matsar ba shi kaɗai yake tsaye ba. A cikinsa akwai fila biyu, a kansu akwai bim, kuma a kan bim ɗin bangon ɗakinka na sama da banɗakinsa suke zaune. In aka matsar da fila, ramin fandishonta ma zai matsa, bututun banɗakin da ke sauka a gefenta ma sai an nema masa wata hanya. Kuma a AutoCAD, manhajar da nake zane da ita, kowane shafi layukansa daban: gyara taswirar ƙasa ba ya gyara zanen gaban gida ko na yankan gini, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, an sake duba kowane awo.

Hanya ta farko, a bar zanen yadda yake. Babu ƙarin ko sisi, Alhamis na nan.

Ta biyu, a cire bangon da ya raba falo da wurin cin abinci, amma a bar fila da bim a inda suke. Falo zai buɗe, ido zai ga fili fiye da mita 6 ma. Shafi 4 kawai zan taɓa, har da na wuta, domin akwai soket biyu da makunni a jikin bangon. Injiniya dubawa kawai zai yi ya tabbatar bangon ba ya ɗauke da nauyi. Kwana 2 na aiki, naira 40,000. Aibinta biyu ne: fila ɗaya za ta tsaya a fili, kuma baƙi maza na zaune za su riƙa hango ƙofar kicin. Wannan kam sai an ji ta bakin Hajiya, ko da yake labule mai kauri na maganinsa.

Ta uku ita ce ainihin abin da ka nema, kuma a nan kuɗin yake. Bimomin da ke ƙetare falo za su tashi daga mita 4.2 zuwa 6. Ƙarfin da ke neman lanƙwasa bim ba ya bin tsawo kai tsaye, yana bin tsawon ne sau kansa: 4.2 sau 4.2 ya ba da 17.6, shi kuwa 6 sau 6 ya ba da 36. Wato ƙarin mita 1.8 ya ninka wa bim aiki. Dole injiniya ya sake lissafi daga dekin har fandisho. Ina sa ran bim mai zurfin milimita 450 ya koma wajen 600, rodi mai 16 ya koma mai 20, amma hukuncin nasa ne. Bangon sama kuma ko dai ya bi sabon layi, ɗakin yara ya ragu, ko a ƙara masa wani bim a ƙarƙashi. Shafi 13 cikin 18 za su canja. Nawa naira 120,000, na injiniya 80,000, banda ƙarin rodi da siminti da za ka gani a wurin gini. Kwana 10 na aiki, saboda ba a yin su a tare: ni kwana 3, injiniya 4, sannan in dawo in daidaita wuta da famfo da nasa a kwana 3.

Akwai wadda wasu ke bi, ba na kuma ba ka shawararta: a kai tsohon zane a sami amincewa, sannan a ce wa magini ya ja bangon a wurin aiki. Bim ɗin da aka lissafa wa mita 4.2 shi za a miƙe zuwa 6 da rodinsa na da. Alamar takan fito bayan an cire katakon dekin an ɗora bulon sama: tsakiyar bim ta ɗan sauka, siririyar tsaga ta bayyana a ƙasansa, ƙofar ɗakin sama ta fara cijewa. Ga shi ginin ya saɓa wa takardar da hukuma ta sa wa hannu.

A ganina, in fili kawai kake so don zaman baƙi, ta biyu ta wadatar. In kuwa filar ce ba ka son gani sam, a yi ta uku yanzu tun ba a haƙa rami ba.

Ka rubuto mini zaɓinka a rubuce, tare da duk wani gyara da ya rage a ranka, a haɗa su zubi ɗaya. Kwanakin za su fara ƙirguwa ne daga ranar da rabin kuɗin ya shigo. Sababbin shafuka za su zo da alamar Rev B, a karɓe tsofaffin daga hannun magini kada a gauraya.

Allah ya sa albarka a ginin. Wassalam.

Naka, mai zane,
Birnin Kebbi.