Wace Irin Wasiƙa Za Ka Tura wa Farfesan da Kake So Ya Duba Bincikenka?

Hanyoyi uku ne a gaban mai neman digiri na uku a ƙasar waje: ya kwafi wasiƙar da ke yawo a intanet, ya biya dillali, ko ya zauna ya rubuta da kansa. Ta farko na ɗanɗana kuɗarta. Wasiƙa iri ɗaya na tura wa farfesoshi da dama, a guda ma na manta ban canza sunan jami'ar ba. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Wadda ta karɓe ni ita ce gajeriyar imel da na rubuta wa mutum ɗaya, bayan na karanta maƙalarsa ta baya-bayan nan a Google Scholar. Ba ta wuce kalmomi 200 ba. Jimla ɗaya ta faɗi ko ni wane ne da digirina, ɗaya ta ambaci abin da ya gano, sai taƙaitaccen bincikena a cikin imel ɗin kanta, domin ba kowa ke buɗe fayil daga baƙo ba. Da farko nakan rubuta "ina sha'awar binciken zazzaɓin cizon sauro", wanda bai faɗi komai ba. A wannan karon cewa na yi ina so in gano ko juriyar sauro ga maganin da ke jikin gidan sauro tana ƙaruwa a inda ake yawan feshin gona, ta hanyar kwatanta sauron wurare biyu a damina biyu. Tambaya ce da zai iya auna ta nan take. Na rufe da tambayar ko yana ɗaukar ɗalibai a shekara mai zuwa, na faɗi tallafin da nake nema, na haɗa takardar tarihin karatuna mai shafi biyu. In aka yi mako biyu babu amsa, tuni ɗaya ya wadatar.

Ka duba tsarin ƙasar tukuna. A Jamus da Birtaniya da Ostireliya amincewar mai duba aiki tana da nauyi sosai, amma a yawancin jami'o'in Amurka kwamitin sashe ne ke ɗaukar ɗalibai.

Dillali kuwa, nan fa ake yin kuka. Wasu kwafin nan dai za su sayar maka. Mafi muni su ne masu alkawarin kawo maka takardar amincewar farfesa in ka biya. Farfesan gaske ba ya karɓar kuɗi don ya yarda ya duba aikinka. Ka dubi adireshin da amsar ta fito: na jami'a ne, mai ƙarewa da irin su ac.uk ko edu, ko kuwa na Gmail? Wani lokaci harafi ɗaya kawai suke canzawa a sunan jami'ar. Ka je shafin sashen da kanka, ka ɗauko adireshin malamin, ka tambaye shi ko shi ne ya rubuto. Kuma kada ka ba dillali kalmar sirrin imel ɗinka, don da sunanka zai riƙa rubuta abin da ba ka gani ba.