Hattara da mai sayar da jaka ɗaya a kala shida

Jama'a, abin da ya same ni nake so in faɗa muku, don kada ya sami wani. Na ga jakar hannu a wani shagon intanet, an jera ta kala shida. Na zaɓi shuɗiya mai duhu, na biya. Da kaya suka iso sai ga jaka ruwan toka, fatar ma ba irin ta hoton ba ce. Na yi magana, aka ce wai hasken wayata ne.

Raina ya ɓaci, na koma na buɗe hotunan shidan ɗaya bayan ɗaya. A nan na gane jaka ɗaya tak aka ɗauka. Madaurinta ya lanƙwasa a wuri guda a duk hotunan, zif ɗin ya tsaya a wuri guda, har wata 'yar lotsawa da ke gefen hagu tana nan a kowanne. Babu yadda za a ajiye jakunkuna shida su kwanta iri ɗaya sak. Abin da ake yi shi ne a zagaye jakar a manhajar gyaran hoto irin su Photoshop, a ja ma'aunin Hue/Saturation, launi ya juye amma inuwa da lanƙwasa su zauna yadda suke.

Da na zuƙo hoton shuɗiyar sosai, sai ga wani siririn layi ja a bakin madaurin, inda zagayen bai kai ba. Farin teburin da aka ɗora ta a kai ma yana ɗauke da ɗan hasken ja. Ashe jakar asali ja ce, ita ma wataƙila hoton wani mai shagon ya ɗauko.

Haka suke yi wa tambarin kamfani, kuma wannan ya fi muni, musamman a kan man shafawa da turare. Kwalba a zagaye take, don haka rubutun jikinta dole ya bi ta ya lanƙwasa. Idan kuka ga rubutu a miƙe sambal, ya fi sauran hoton fitowa tar, ko ƙyallin da ya sauko jikin kwalbar ya yanke daidai kan tambarin, to manna shi aka yi.

Gaskiya akwai masu sana'ar kirki da ke sauya kala don gudun wahalar ɗaukar hoto, kuma kayan na nan a hannunsu. Abin da zai raba muku su shi ne bidiyo. Kafin ku tura kuɗi, ku ce a ɗauko kalar da kuke so a hasken rana, a juya ta gaba da baya, da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a gefenta. Ku kuma saka hoton a Google Lens ku ga ko na wani shagon ne. Ni da na nemi bidiyon daga baya, toshe lambata mai shagon ya yi.