Murabaha ko rancen ruwa: amsa ga mai noman rani a Auyo

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son injin ban ruwa na naira 600,000 da taki na 400,000 don shinkafar rani a Auyo. Wani banki zai ba ni rancen miliyan ɗaya da ruwa kashi 30 cikin ɗari a shekara, wato bayan wata shida in biya 1,150,000. Bankin Musulunci kuma ya ce murabaha, shi ma 1,150,000 bayan wata shida. To ina bambancin? Ko suna kawai aka sauya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Lissafinka daidai ne, kuma kada wani ya ce maka murabaha ta fi arha, don sau da yawa ba ta fi ba. Bankunan Musulunci ma suna duba yadda kasuwar kuɗi take kafin su yanka ribarsu. Bambancin yana wuri biyu: abin da bankin ya sayar maka, da abin da zai faru ranar da biya ya gagara.

Rancen ruwa ba shi da dogon bayani. An ba ka kuɗi, kuɗin yana haihuwa da kwanaki, ko ka sayi inji ko ba ka saya ba, ko gona ta yi ko ba ta yi ba.

Murabaha kuwa ciniki ne, irin wanda mai sayarwa yake faɗa maka nawa ya sayo kayan da nawa ya ɗora riba. Saboda ciniki ne, dole a bi tsari, kuma a tsarin nan halaccin yake. Za ka je wurin dila a Haɗeja ko Kano ka karɓo takardar farashi da sunan banki, ba da sunanka ba, a rubuta irin injin, ƙarfinsa, faɗin bakinsa, da adadin buhunan NPK da yuriya. Sai ka sa hannu a takardar alkawari cewa idan banki ya sayo za ka saya. Wannan alkawari ne tukuna, ba a yi ciniki ba. Wasu bankunan kan karɓi wani abu a hannunka don tabbatar da cewa da gaske kake, ana ce masa hamishul jiddiyya. Amana ce a wurinsu: idan ka fasa, iya asarar da suka yi wajen sayar da kayan ga wani za su cire, su dawo maka da ragowar. Daga nan banki ya biya dila kai tsaye, kayan su zama nasa, shi ko wakilinsa ya karɓa. Bayan haka ne kawai za ku zauna a ƙulla ciniki na biyu: mun sayo a 1,000,000, mun sayar maka a 1,150,000, biya ranar kaza.

Tsakanin sayen banki da sayarwa gare ka akwai ɗan lokaci, wani zubin kwana ɗaya ne, wani zubin sa'o'i. A cikin wannan lokacin kayan suna wuyan banki. Idan motar da ta ɗauko takin ta kife a hanyar Gujungu kafin a sayar maka, ko ruwa ya jiƙa buhunan a sito, asarar banki ce, ba ka da bashin ko kwabo. Wannan ɗaukar kasada ita ta halatta masa naira 150,000 ɗin. Hadisin Hakim ɗan Hizam ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa, kuma aya ta 275 a Suratul Baƙara ta kawo irin tambayarka, inda wasu suka ce ai ciniki kamar riba yake, aka amsa da cewa Allah ya halatta ciniki ya haramta riba.

Yanzu mu ɗauka tsuntsu jan baki ya sauka a gonar lokacin da shinkafa take nono, girbi ya yi ƙasa, ka makara da wata uku. A rance, kashi 30 a shekara kashi 2.5 ne a wata. Idan aka ɗora shi a kan 1,150,000, watan farko kaɗai 28,750 ne, kuma wata na biyu ruwan zai hau kan ruwan. Bayan wata uku bashin ya haura 1,238,000, ban da tarar makara da yawancin yarjejeniyoyi ke ƙarawa. A murabaha farashi ya riga ya mutu ranar ciniki. Ko an ƙara maka wa'adi, banki ba shi da ikon cewa 1,150,000 ta koma 1,200,000, domin ƙara kuɗi a kan bashi saboda ƙarin lokaci shi ne ainihin ribar da aka hana. Amma fa ka karanta takardar da kyau, galibi akwai sharaɗin cewa mai hali da ya ƙi biya da gangan zai ba da wani abu. Wannan kuɗin sadaka ake yi da shi ƙarƙashin kulawar kwamitin malaman bankin, ba ya shiga ribarsa. Kuma bashi bashi ne: jinginar da ka bayar da wanda ya tsaya maka suna nan, za a iya bin su.

Akwai gefen da rance ya fi sauƙi, gaskiya a faɗe ta. Idan ka biya a wata na uku, ruwan wata uku ake lissafa maka, sai dai in an sa cajin biya da wuri. A murabaha farashin bai sauka don ka yi sauri ba. Banki yana iya yi maka rangwame don kansa, amma ba haƙƙinka ba ne. Sannan murabaha sai a kan kaya. Kuɗin 'yan dashe, masu kora tsuntsu da masu yanka ba za su shiga ba, haka tsohon bashin da wani dila yake bin ka. Idan ma ka riga ka karɓi injin ka yi ciniki da dila, banki ba zai iya sayensa ya sayar maka ba, don ya riga ya zama naka.

Ga abin da ba ka tambaya ba amma ya fi ɓata wa mutane wannan harka a ƙauyukanmu. Akwai dilolin da za su ce maka: bar injin, in rubuta takardar miliyan ɗaya, banki ya biya ni, in cire dubu hamsin in miƙa maka sauran a hannu. Kada ka yarda. Babu kaya, babu ciniki, ka karɓi 950,000 za ka biya 1,150,000, riba ce tsagwaronta kuma ta fi ta rancen tsada, ga zamba da sa hannunka a ciki. Wasu kuma suna rubuta inji mai kyau a takarda su kawo na jabu, ko taki da aka sake ɗinke buhunsa. Kafin ka sa hannu a cinikin ƙarshe ka duba lambar da ke jikin injin ta dace da ta takarda, a tayar da shi ya ja ruwa a gabanka, ka duba ɗinkin buhuna, ka buɗe ɗaya ka gani. Da zarar ka sa hannu ka karɓa, kasadar ta dawo kanka.

Su ma ma'aikatan banki wani lokaci suna gajarce hanya, su tura maka dukkan takardu ka sa hannu a zama ɗaya tun ba a sayo komai ba, ko su ce ka zama wakilinsu sannan su zuba kuɗin a asusunka ba mai bibiya. Wakilci ya halatta idan da buƙata, amma sai ka sayo da sunan banki, ka sanar da su kaya sun zo hannu, sannan su sayar maka. Ka dubi kwanan watan takardu: rasit ɗin dila ya riga takardar sayarwa. Tun ƙa'idojin Babban Bankin Najeriya na 2011, kowane banki marar ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, yana da kwamitin malamai, kuma kana da damar kai ƙorafi can.

Ɗauki murabaha, Malam, tunda duk abin da kake nema kaya ne. Ka roƙi a sa ranar biya aƙalla wata guda bayan girbi, ba ranar yanka ba, don ka samu ka busar da shanshera ka sayar ba a farashin kaka ba. Kuɗin 'yan ƙwadago kuma ka tanade shi daban tun kafin ka zuba iri.