"Kwantar da hankalinki" ko "Na ji, Hajiya"?

Hajiya ta kira layin karɓar ƙorafi daga Unguwar Rimi: an cire mata naira 20,000 daga asusunta, kuɗin bai shiga inda ta tura ba, muryarta na rawa.

Idan ma'aikaci ya katse ta da "kwantar da hankalinki", ya ɗora mata laifi ke nan. Sai ta ƙara ɗaga murya, ta koma farkon labari.

Gara ya bar ta ta kai aya, sannan ya sassauta murya: "Na ji, Hajiya. Naira 20,000, jiya da yamma, ko?" Maimaita adadin nan shi ke sauko da ita, don ta tabbata an saurare ta. Lambar ƙorafi kuma ya karanto ta uku-uku, ta maimaita masa. Kada ya ce "yanzu-yanzu" in ba a hannunsa gyaran yake ba.