Ƙa'ida ko hadda: wacce ta fi wajen koyon in, on da at?

Ɗalibai sun sha tambayata wannan. Tushen matsalar shi ne "a" ɗinmu ɗaya ce ke ɗaukar nauyin da Turanci ya raba wa kalmomi uku.

Ƙa'ida ba ta cin lokaci, zama ɗaya ya isa. At ta ƙarfe ce, on ta rana, in kuma ta wata da shekara: at 7:00, on Monday, in May. A fannin wuri ne take fara tangal-tangal. Bahaushe ya san "cikin mota", sai ya ce in the car, ya dace. Gobe ya ce in the bus, alhali Bature on the bus ya saba cewa, duk da a ciki yake zaune ba a kan rufi ba. Haka "da safe" da "da dare": mu "da" ɗaya muka sa, su kuwa in the morning ne da at night. Ka ambaci ranar kuma, sai ta koma on Monday morning.

Hadda ita ce ka riƙe guntun maganar ɗungurungum, kamar yadda ka riƙe "a ƙafa". Tana da jinkiri, amma abin da ya shiga ba ya fita, kuma ba ka tsayawa lissafi a tsakiyar zance. Illarta, in ka haɗu da abin da ba ka taɓa ji ba, sai lalube.

Mai jarrabawa a gabansa, ƙa'ida za ta fi fisshe shi. Wanda kuwa yake son bakinsa ya saki a hira, hadda ce tasa.