Na gwada jamovi da teburin masarar da aka turo mini a hoto

Ƙanena yana aikin malamin gona, kuma bayan girbin bana ya turo mini hoton wani shafi na littafinsa ta WhatsApp. Gonaki 16 ne na masara. A takwas an watsa taki, a takwas an tona rami gefen shuka an binne shi. Ya ce, "Yaya, don Allah duba mini, bambancin nan na gaske ne ko dace ne kawai?" Da jamovi na yi aikin, manhajar lissafi ta kyauta da ake saukewa a kwamfuta, wadda ba ta neman data bayan an sauke ta.

Ga abin da ke teburin, buhu nawa a kowace hekta. Watsawa: 18, 21, 19, 23, 20, 22, 17, 20. Binnewa: 25, 21, 27, 22, 24, 19, 23, 23.

Manhajar ba ta karanta hoto, da hannu za ka shigar da lambobin, kuma nan na fara yin tuntuɓe. Takardar ta lanƙwashe daidai kan 27, inuwa ta rufe kan 2 ɗin, sai na rubuta 17. Sakamakon ya fito t = 1.49, p wajen 0.16, wato babu hujjar cewa hanyoyin sun bambanta. Saura ƙiris in tura masa haka. Abin da ya cece ni shi ne jimillar da ya rubuta a ƙasan layin, 184, alhali tawa 174 ce. Lamba guda ta juya hukuncin gaba ɗaya. Laifina ne, amma tun daga ranar ba na taɓa gwaji sai na kunna Descriptives na gwama matsakaicin da na takarda.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. A hoton, hanyoyin biyu suna gefe da gefe, layi biyu. Idan ka kwafa su haka, wurin da zai karɓe su cikin sauƙi shi ne Paired Samples T-Test, kuma ba shi ne naka ba. Wancan na gonar da aka raba biyu ne, ko wadda aka auna sau biyu. Namu gonaki ne daban-daban, gona ta farko a wannan layi ba ruwanta da ta farko a wancan. Dole ka zuba duka lambobi 16 a layi ɗaya, ka buɗe wani layin ka rubuta "watsa" ko "binne" a gaban kowace. Sannan ka shiga T-Tests, ka zaɓi Independent Samples T-Test, amfanin gona ya tafi Dependent Variables, hanyar sa taki ta tafi Grouping Variable. Yadda za ka gane ka ɓata hanya: dubi lambar da ke ƙarƙashin df a teburin sakamako. In ka ga 7 maimakon 14, ka shiga ɗakin da ba naka ba.

Da na gyara, matsakaicin watsawa ya zama buhu 20, na binnewa 23. Ban yarda da allo haka nan ba, na ɗauki biro. Warwatsuwar lambobin, wato abin da ake rubutawa s², ta fito 4 da 6.

```
t = (23 - 20) / √(4/8 + 6/8) = 3 / 1.118 = 2.68
```

Daidai da abin da jamovi ta bayar, p kuma 0.018. Ma'anarsa, da a ce hanyoyin biyu ɗaya suke, da wuya a ga tazara mai girman wannan, bai kai sau biyu cikin ɗari ba. Na kuma danna Welch's, wanda ba ya ɗauka cewa warwatsuwar ɓangarorin iri ɗaya ce, df ya sauka zuwa 13.5, hukuncin bai motsa ba. Abin da ya fi burge ni ke nan, kana danna akwati sakamakon yana sauyawa nan take a gefen dama, ba sai ka sake farawa ba.

Akwatin da na fi ba wa daraja shi ne Confidence interval da ke ƙarƙashin Mean difference, kuma sai ka kunna shi da kanka. Ya nuna ƙarin yana tsakanin buhu 0.6 da 5.4. Manomi wannan yake son ji, domin binne taki yana cin kuɗin ƙwadago. Buhu biyar riba ce, rabin buhu kuwa ƙila bai biya 'yan aiki ba.

Na kira ƙanen nawa na faɗa masa, na kuma tambaye shi yadda aka zaɓi gonakin da aka binne wa taki. Ya yi shiru, sannan ya ce uku daga cikinsu suna bakin fadama. Wannan babu akwatin da zai gano maka shi. Mun yi da shi cewa baɗi ƙuri'a za a jefa wajen rabon gonakin, kuma ya riƙa shimfiɗa takardar sosai kafin ya ɗauki hoto.